Me Ya Sa Bahago Yake Wahalar da Abokin Karawarsa a Boksin, Wasan Takobi da Tanis?

A cikin kowane mutum goma, kusan ɗaya ne bahago. Amma wanda ya duba jerin manyan 'yan damben boksin, ko na masu wasan takobi, ko na zakarun ƙwallon tanis, zai ga bahagwai sun fi wannan kaso yawa. Manny Pacquiao da Oleksandr Usyk a dambe, Rod Laver da Martina Navratilova da John McEnroe da Rafael Nadal a tanis, dukkansu da hagu suka yi suna. Abin da mutane suka fi faɗa shi ne wai hannun hagu ya fi nauyi, ko kuma bahago yana da wata baiwa a ƙwaƙwalwa. Ga alama maganar ba a nan take ba. Asalinta lissafi ne mai sauƙi, na yawan haɗuwa.

A ɗauki ɗan dambe mai amfani da dama wanda ya yi turmi 100 na gwajin naushi da abokan atisaye daban-daban. In dai bahagwai kashi 10 ne cikin 100, turmi 10 kawai ya yi da bahago, 90 da masu dama irinsa. Shi kuwa bahago da ya yi turmi 100, guda 90 da masu dama ya yi su. Ranar da su biyun suka haɗu, yanayin da suke ciki ɗaya ne, hannu na kallon hannu kamar mutum da inuwarsa a madubi, amma ɗaya ya ninka ɗaya sanin wannan yanayi har sau tara. Bahago yana aikinsa na kullum, mai dama kuwa baƙon aiki ya samu. A shekarar 1996 Michel Raymond da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana wannan ra'ayi, suka nuna cewa bahagwai sun yi yawa a wasannin da ake fuskantar abokin karawa gaba da gaba, amma ba haka abin yake ba a wasannin da mutum yake yi shi kaɗai. Da a ce wata baiwa ce ta hannun hagu, da an gan ta a can ma.

Sai dai rashin sabo kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da ƙarancin lokaci. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu ya fara motsi, ana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma wannan in mutum ya riga ya san abin da zai yi ne. In sai ya zaɓa tsakanin kaucewa hagu ko dama, lokacin ya fi haka. Naushin ƙwararre daga kusa, ko sukan takobi, yana iya isowa kafin wannan lokaci ya cika. Don haka gwani ba ya jiran ya ga naushin ya taso. Kafaɗa yake karantawa, da juyin ƙugu, da inda nauyin jiki ya koma, ya fara kare kansa tun hannu bai bar wurinsa ba. Wannan karatu kuwa ba a aji ake koyonsa ba, ido ne yake tara shi daga dubban maimaici, kuma kusan duk maimaicin a jikin masu dama aka yi shi.

Norbert Hagemann ya gwada wannan a 2009 da 'yan wasan tanis. Ya nuna musu bidiyon bugu ana tsayar da shi daidai lokacin da raket ya taɓa ƙwallo, su faɗi inda za ta nufa. Dabarar da ya yi ita ce juya wasu bidiyon kamar a madubi, ta yadda bugun mai dama zai koma na bahago ba tare da komai ya canza a cikinsa ba. Masu kallo sun fi cin hasashe idan bugun ya bayyana a matsayin na hannun dama, har su kansu bahagwan da ke cikinsu. Wato shi ma bahago bai iya karanta ɗan'uwansa bahago sosai ba. Daga baya, a 2017, Florian Loffing ya kwatanta wasanni da dama ya ga cewa inda lokacin mayar da martani ya fi ƙanƙanta, kamar tanis na tebur da jifan ƙwallon kurket da na besbol, nan bahagwai suka fi yawa a sahun gaba.

A dambe ne abin ya fi fitowa fili, kuma daga ƙafa yake farawa, ba daga hannu ba. Mai dama yana tsayawa ƙafar hagu da hannun hagu a gaba, hannun dama mai ƙarfi a baya kusa da haɓa. Bahago akasin haka yake, dama a gaba, hagu a baya. Idan masu dama biyu suka fuskanci juna, ƙafafunsu na gaba ba sa kan layi ɗaya, kowa yana da hanyar shiga. Amma idan bahago ne da mai dama, ƙafar daman wannan da ƙafar hagun wancan suna gefe guda, yatsu na kallon yatsu. Shi ya sa a irin wannan karawa ake yawan taka ƙafa, da tuntuɓe, da gwaren kai mai fasa gira.

Duk rigimar a kan abu ɗaya take: wa zai ajiye ƙafarsa ta gaba a wajen ta abokin karawarsa. Idan bahago ya ɗan taka zuwa damarsa, taki ɗaya da bai wuce tsawon tafin ƙafa ba, har ƙafarsa ta zauna a wajen ƙafar hagun mai dama, abu biyu sun faru a lokaci guda. Kafaɗarsa ta hagu ta daidaita da tsakiyar jikin abokin karawa, don haka miƙaƙƙen naushin hagu zai bi ta tsakanin safofin hannu biyu ya sami haɓa ko ƙirji ba tare da ya lanƙwasa ba. Sannan hannun daman mai dama ya yi nisa, sai ya ratsa gaban jikinsa kafin ya kai, ko kuma ya juya ƙafafunsa tukuna. Abin lura shi ne mai dama ma yana da wannan damar daidai wa daida: in shi ya taka zuwa hagunsa ya riga shan waje, hannun damansa ne zai sami hanya. Tsayuwar ba ta fifita kowa ba. Bambancin shi ne bahago tun ranar da ya fara sa safar dambe yake wannan kokawar ƙafa, ba ya ma tunaninta, shi kuwa mai dama sai ya tuna.

Mafi muni ga mai dama shi ne halayen kirki da aka koya masa su ne suke kai shi ga halaka. An koya masa ya riƙa zagayawa zuwa damarsa don ya nisanci hannun daman abokin karawa. A gaban bahago, wannan zagayen cikin hannun hagu yake kai shi, kuma naushin da mutum ya taho ya tara ya fi wanda ya same shi a tsaye zafi. An koya masa ya kauce wa naushin hannun gaba ta hanyar karkatar da kai zuwa dama. A gaban bahago, nan ne daidai inda hagun take saukowa. An koya masa ya kaɗe naushin hannun gaba da tafin damansa, amma yanzu naushin daga ɗaya gefen yake fitowa, in ya miƙa dama ya kaɗe shi ya bar muƙamuƙinsa a buɗe. Hatta naushinsa na hannun gaba, wanda da shi yake auna tazara ya kafa duk sauran aikinsa, sai ya riƙa karo da safar bahago a hanya. Ana gane ɗan damben da abin ya dame shi tun a turmi na biyu ko na uku: yana rage jefa hannun gaba, yana kallon ƙasa yana neman inda ƙafarsa take, yana ja da baya a miƙe maimakon ya fita ta gefe.

Akwai kuma maganar hanta. Hanta a gefen dama take, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma wannan gefen ne yake fuskantar hannun hagun bahago, hannunsa mai ƙarfi. Da irin wannan naushi na jiki bahagon ɗan dambe Gervonta Davis ya durƙusar da Ryan Garcia a turmi na 7 a watan Afrilun 2023. Naushin hanta ba ya kayar da mutum nan take. Yakan yi taki ɗaya ko biyu tukuna, sannan ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Amma shi ma bahago gefen hantarsa ne a gaba, kusa da hannun hagun mai dama, in ya san yadda zai lanƙwasa shi ƙarƙashin gwiwar hannu.

Maganin bahago sananne ne, kowane koci yana faɗarsa: zagaya hagu, sha wajen ƙafarsa, ka fara da miƙaƙƙen hannun dama ba tare da ka jira hannun gaba ya share hanya ba, ka biyo da hagu mai lanƙwasa ta saman hannunsa na gaba. Michael Moorer, bahago na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, ya doke Evander Holyfield a Afrilun 1994. A Nuwamban shekarar George Foreman, yana da shekara 45, ana gaba da shi a maki, ya kwantar da Moorer a turmi na 10 da gajeren hannun dama da ya bi ta tsakiya. Juan Manuel Márquez kuwa sai a karawarsu ta huɗu da Pacquiao, a Disambar 2012, ya sami abin da yake nema. Pacquiao yana da ɗabi'ar yin tsalle ya shigo bayan ya yi barazana da hannun gaba. A ƙarshen turmi na 6 ya shigo haka, Márquez ya sunkuyar da kai ya saki dama ta tarye shi, ya faɗi rub da ciki. Kafin wannan dare Márquez ya riga ya yi turmi 36 da shi. Da wuya a sami hujjar da ta fi wannan nuna cewa sabo ne maganin.

Girman fifikon kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani nazari da Thomas Richardson da Tucker Gilman suka wallafa a 2019, a kan tarihin 'yan dambe da masu faɗan gauraye fiye da 13,000, ya sami bahagwai kusan kashi 17 cikin 100 na mazan 'yan boksin, kuma damar da bahago yake da ita ta fin mai dama ta haura rabi da kaɗan kawai. Tazara ce ƙarama a karawa ɗaya, amma tana taruwa cikin shekaru, ta tura bahagwai sama a jerin gwanaye.

Wasan takobi yana da wani abu da yake rikita mai kallo. A nan hannun da ke riƙe da makami ne a gaba, don haka bahago ƙafar hagu da hannun hagu yake sa wa gaba, akasin ɗan dambe. Filin kuma siriri ne, tsawonsa mita 14, faɗinsa bai wuce mita 1.5 zuwa 2 ba, babu wurin zagaye. Idan masu dama biyu suka kara, takobin kowa yana shigowa ne ta gefen ƙirjin ɗaya, wato layin ciki, shi ya sa kariyar da hannu ya fi sabawa da ita ita ce wadda ake kira ta huɗu, inda ake kai takobi zuwa hagu a rufe ƙirji. Takobin bahago kuwa yana daidai saitin hannun mai dama ne, ta waje. Sukansa yana zuwa kan damtse, da kafaɗa, da kwiɓi ƙarƙashin hammata, wani lokaci har baya. Waɗannan wurare kariya ta shida da ta takwas ke rufe su, kuma su ne masu koyo suka fi rauni a kai. Mai dama da ya firgita yakan kai hannu kariya ta huɗu bisa sabo, ya faɗaɗa motsin yana neman ƙarfen da ba ya nan, sai ya buɗe ainihin ƙofar da bahago yake jira.

A nau'in efe, inda duk jiki abin suka ne, wuyan hannun mutum biyun suna kusa da juna a layi ɗaya, kuma na'ura tana ba su maki tare ne kawai in sukan biyu sun sauka cikin kusan kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa. Jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa a rasa maki. Saboda haka za a ga su biyun suna matsawa gefe ɗaya na filin, gefen da makamansu suke, kowa yana hana ɗaya shan wajensa: kokawar ƙafar 'yan dambe ce ta dawo a wata siffa. Tushen matsalar kuma yana wurin darasi, domin yawancin masu koyarwa da dama suke ba da darasi. Ƙwararren malami yakan mayar da takobi hannun hagu a wani ɓangare na darasin don almajiransa su saba. Mahaifin Edoardo Mangiarotti na Italiya ya fahimci wannan lissafi tun da wuri: yaron mai dama ne, amma ya mayar da shi bahago a wasa, kuma ya tashi da lambobin Olamfik 13 tsakanin 1936 da 1960. Shi da Nadal, wanda da dama yake rubutu, da Vasiliy Lomachenko a dambe, suna raunana zancen cewa sirrin a ƙwaƙwalwar bahago yake. Abokin karawa bai damu da hannun da kake cin abinci da shi ba, gefen da hari yake fitowa shi ne damuwarsa.

A tanis tazara ta fi yawa, tsawon fili mita 23.77, don haka akwai ɗan lokacin gyara kuskure, kuma fifikon bahago ya fi na wasan takobi rauni. Duk da haka sabis mai gudun kilomita 200 a awa yana isa wurin mai karɓa cikin abin da bai fi rabin daƙiƙa da ɗan kai ba. Sannan ƙwallon bahago juyinta daban ne. Idan mai dama ya yanki gefen ƙwallo a sabis, tana lanƙwasawa zuwa damar mai karɓa. Ta bahago hagunsa take nufa. Ƙafafun mai karɓa sukan fara tafiya inda suka saba kafin ido ya gyara musu, sai ya buga a takure, ko ƙwallo ta shige masa jiki.

A tsakiyar musayar bugu, hanyar da ta fi aminci ita ce buga ƙwallo a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, domin raga ta fi ƙasa a tsakiya, santimita 91.4, alhali a bakin sanda mita 1.07 ce, kuma layin ya fi tsawo. Tsakanin masu dama biyu, wannan yana nufin bugun gaban hannu yana zuwa ga gaban hannu, ƙarfi da ƙarfi. Da bahago kuwa, bugunsa mafi ƙarfi kuma mafi aminci yana sauka ne a bayan hannun mai dama. A kan wannan Nadal ya gina rinjayensa a kan Roger Federer a filin jan ƙasa: ƙwallo mai tsananin juyi da take tashi sama da kafaɗa, zuwa ga bayan hannun da ake bugawa da hannu ɗaya, inda babu ƙarfin danne ta. A wasan ƙarshe na gasar Roland Garros ta Faransa a 2008 sakamakon ya kasance 6-1, 6-3, 6-0. Federer bai sami sauƙi ba sai da ya koma raket mai faɗin kai, ya matso kan layin baya yana bugun ƙwallon tana tasowa kafin ta kai kafaɗa, kamar yadda ya yi a wasan ƙarshe na Ostireliya a 2017. Nan ma dai tsarin madubi ne, domin gaban hannun mai dama shi ma bayan hannun bahago yake samu. Bahago dai ya daɗe da ƙarfafa wannan gefen saboda kowa can yake buga masa.

Wuri ɗaya ne madubin ya karye, kuma dokar ƙirga maki ce ta karya shi. Ana fara kowane gem, wato ƙaramin zango na wasan, da sabis daga gefen dama na mai bugawa, sannan a riƙa sauyawa bayan kowane maki. Don haka in jimillar makin da aka buga mara ce, kamar 1, 3 ko 5, daga gefen hagu za a yi sabis. A lissafa makin da gem yake iya ƙarewa a kansu: 40-0, 0-40, 40-30, 30-40, da rinjayen kowane ɗayansu bayan kunnen doki na 40-40, duk shida daga gefen hagu ake buga su. Biyu kawai, 40-15 da 15-40, suke faɗowa gefen dama. Gefen hagun nan kuwa shi ne inda yankakken sabis ɗin bahago yake lanƙwasawa waje, yana jan mai dama ya fita daga fili yana miƙa bayan hannu. McEnroe ya shahara da wannan bugu: mai karɓa yana can wajen layin gefe, shi kuma ya riga ya iso raga ya ajiye ƙwallo a filin da babu kowa. In aka juya kuma, mai dama ne yake sabis a 30-40, sabis ɗinsa na waje a wannan gefen gaban hannun bahago yake tararwa. Mai dama yana da nasa makamin irin wannan a ɗaya gefen, kuma 30-30 da kunnen doki a can ake buga su, amma ba su ne makin da suke rufe gem ba.

Mai karɓa da ya san aikinsa yakan matsa taki ɗaya ko biyu zuwa hagunsa tun kafin sabis, sannan ya tari ƙwallon a karkace yana shiga gaba maimakon ya bi ta a kwance, domin duk taki ɗaya da ya jira, lanƙwasar tana ƙara nisa da shi. Kuɗin da yake biya shi ne ya bar tsakiya a buɗe, kuma bahago mai wayo yana jefa ƙwallo sama wuri ɗaya ga sabis ɗin waje da na tsakiya don kada a gane wanda zai yi. A manyan gasanni na yau, inda ake nazarin bidiyon abokin karawa a kuma ɗauko bahago a yi atisaye da shi kwana ɗaya kafin wasa, binciken Loffing ya nuna fifikon bahagwai a tanis na ƙwararru ya ragu idan aka kwatanta da shekarun baya. A matakin masu tasowa da masu wasan sha'awa kuwa yana nan da ƙarfinsa, domin a can mutum yana iya shafe watanni bai karɓi sabis ɗin bahago ko sau ɗaya ba.